Yadda ake taifin fomular kemistiri idan babu ƙananan lambobi

Malam, na ɗauko hoton wani shafi na littafin kemistiri zan yi wa 'yan lesin ɗinmu na Ƙofar Ƙaura taifin a WhatsApp, to lambobin nan ƙanana na sama da na ƙasa fa, ya zan yi da su?

Ɗalibi, ka raba su biyu tukunna don ba hukuncinsu ɗaya ba. Lambar ƙasa da ke cikin fomula rubuta ta kawai a layi, H2O, H2SO4, Ca(OH)2, ba abin da ya ɓace, tunda duk mai kemistiri ya san lambar da ta biyo bayan harafi yawan atom take nunawa. Wadda ta zo a gaba kuma, kamar 2 na farko a 2H2O, dama can babba ce. Amma lambar sama kada ka kuskura ka sauko da ita haka nan, sa mata alamar ^ kafin ta. Idan ka rubuta 6.02 x 10^23 ba alamar, zai koma 6.02 x 1023, wato dubu shida da ɗoriya, kuma wallahi yaro zai haddace shi a haka ya shiga jarrabawa.

To idan fomula ɗaya tana da ta sama da ta ƙasa duka fa?

Nan ne ake yawan ɓarna. Ɗauki salfet, 4 a ƙasa, 2 da alamar ragi a sama. Ka haɗe su sai ya zama SO42-, kamar oksijin 42. Ta ƙasa ake fara sawa, sannan ^ da cajin:

```
Ba^2+ + SO4^2- -> BaSO4
```

Ka bar sarari gefe da gefen + na haɗawa don a bambanta shi da + na caji. In ka gama ka ƙirga: 2+ da 2- sun kashe juna, ɓangaren dama kuma ba caji, oksijin 4 hagu 4 dama. Idan lissafin ya ƙi fita to ka koma hoton ka zuƙo shi, galibi wata ƙaramar alamar ragi ce ta dushe ko hasken filashi ya cinye ta. Ka kula da haruffa ma, CO iskar nan ce mai guba ta hayaƙin janareto, Co kuwa ƙarfen kobal ne, sannan Cl ƙaramin L ne a ƙarshe, ba 1 ba.

Ai kibod ɗina yana ba ni ² in na danne 2, ba sai in yi da shi ba?

Ya yi daidai ga x² ko cm³, amma na ƙasa ba kowane kibod ke da su ba, wata tsohuwar wayar kuma akwati za ta nuna a wurin. Ni dai na fi son ka riƙe ^ tun daga farkon shafi har ƙarshe, ka kuma rubuta layi ɗaya a sama cewa ^ na nufin lambar sama.