Sekans ɗaya, wato zagayen jarrabawa ɗaya, ya rage: wane darasi zan ba wa lokacina?

Malam, na ci 5 a Ingilishi, shi ne mafi muni a bilten ɗina, takardar sakamakona. Ba shi ya kamata in fi karantawa ba?

A'a, ɗana. Nawa ne kowefisiyan ɗinsa? In ba ka sani ba, je ka ɗauko bilten ka dawo. Yana nan a rubuce kusa da makin, kuma kowace shekara sai na nuna wa yara shi da yatsa a nan Garwa ta Kamaru.

Mene ne kowefisiyan ɗin ma?

Nauyin darasi. Ana ninka makinka bisa 20 da shi, a tara na duk darussa, a raba da jimlar kowefisiyan. Abin da ya fito shi ne mwayen. Maki ɗaya a darasi mai nauyin 6 daidai yake da maki uku a darasi mai nauyin 2. Kana lise, makarantar sakandare, kana yin wannan tambaya? To yau ka sani.

Ke nan in rungumi lissafi kawai, tunda shi ya fi nauyi a ajinmu?

Shi ma a'a. Nauyi rabin magana ne. Darasi mai nauyin 6 da ba za ka iya ƙara ko maki ɗaya a cikinsa ba kafin ranar jarrabawa, ribarsa sifiri ce. Nauyin ake ninkawa da tazara, su biyun tare.

Tazarar ita ce tsakanin makina da 20?

Nan ne kowa ke faɗawa rami. Wa ya ce maka za ka ci 20? Tazarar da nake nufi ita ce tsakanin inda kake yanzu da inda za ka iya kaiwa da gaske a kwanakin da suka rage. Mai 7 a lissafi tun farkon shekara ba tazarar 13 gare shi ba, watakila 2 ce, in ya dage 3. Wanda ya lissafa da 20, kullum darasin da ya fi kayar da shi ne zai fito a gaba, ya zuba masa mako biyu, ya tashi da ƙarin maki ɗaya.

Malam, ina da mako biyu da darussa huɗu da ke damuna. Ta yaya zan raba lokacin ba tare da na yi caca ba?

Yauwa 'yata, ki zauna, wannan ba ta amsuwa a tsaye.

Kafin ki zaɓi darasi, ki san nawa ake binki. Bari in ba ki misalin wata ɗaliba 'yar ajin sigond, wato aji na biyar na sakandare, da lambobin da na daidaita don lissafin ya yi sauƙi. Naki kowefisiyan na bilten ɗinki ne, domin yana canzawa daga aji zuwa aji, daga wannan fanni zuwa wancan.

Ta samu 9.8 a zango na farko, 9.9 a na biyu. A makarantarsu ana tara zanguna uku a raba uku, kuma 10 ake nema. Jimlar da take buƙata 30 ce, tana da 19.7, saura 10.3 a zango na uku. Zangon sekans biyu ne, na biyar da na shida. A na biyar ta ci 10.0, don haka sai ta ci 10.6 a na shida. Ƙarin 0.6 ke nan. Jimlar kowefisiyan ajinsu 30, sai ta ninka 0.6 da 30, ta ga maki 18 take nema a kan abin da ta tara a sekans na biyar. Da ta ga lambar nan sai numfashinta ya dawo, domin kafin nan abin da ta sani kawai shi ne "ina ƙasa da goma".

Daga nan kowane darasi sai a yi masa wannan:

```
riba = kowefisiyan × (makin da zan iya kaiwa − makin yanzu)
riba a awa = riba ÷ awannin da zai ci
```

Lissafi: nauyi 6, tana da 7, tana ganin za ta kai 9. Riba 12, amma ba za ta samu ba sai ta zauna kamar awa 20, domin gibin tun daga aji na baya yake. Ingilishi: nauyi 3, tana da 5, bai taɓa wuce 6 ba. Riba 3, kuma harshe ba ya shiga kai a mako biyu. Fiziks: nauyi 4, tana da 9, amma ta taɓa cin 13 a zango na farko, ta sa 12. Riba 12 a kamar awa 10. Ilimin halittu: nauyi 2 kacal, tana da 8, ta sa 12, domin babi biyu ne ba ta karanta ba lokacin da zazzaɓi ya kwantar da ita. Riba 8 a awa 5.

Kin ga abin da ya fito? Lissafi da fiziks sun yi kunnen doki a riba, amma fiziks na biya a rabin lokaci. Ilimin halittu da ta raina saboda ƙaramin nauyinsa shi ya fi kowa biya a awa. Fiziks da shi tare sun ba ta 20 a awa 15, alhali 18 take nema. Ingilishin da ya fi tsorata ta ya koma na ƙarshe.

Amma kar ki tashi tukuna, akwai sharuɗɗa, kuma su ne suka fi damuna.

Lambar nan ta "makin da zan iya kaiwa" ƙiyasi ne, kuma zuciya tana son ta yi wa mai ita ƙarya. Kar ki ɗauko ta daga buri. Ki fito da takardunki na jarrabawar baya da malam ya maido, ki bi jan biron layi-layi. Inda ya rubuta cewa kin manta ma'auni, ko alamar ragi ta ɓace miki a layi na uku, ko kin bar tambaya ta ƙarshe fari fat don lokaci ya ƙare, waɗannan maki ne masu dawowa da sauri. Inda kuma tun layin farko ba ki san ta ina za a shiga ba, wannan tsada gare shi. Ita ɗalibar, a takardar fiziks ɗinta maki uku sun tafi ne a wuri guda: ta bar santimita yadda take ba ta mayar da ita mita ba, duk amsoshin da suka biyo baya suka karkace. Abin da ya sa na yarda da 12 ɗinta ke nan. Kuma kar ki sa lambar da ta wuce mafi girman makin da kika taɓa ci a darasin bana, sai in kina da dalili mai ƙarfi.

Sannan awannin farko sun fi na ƙarshe biya. Daga 8 zuwa 12 hanya ce mai sauƙi, daga 12 zuwa 15 hawan dutse. In kin kai inda kika yi niyya a darasi, ki bar shi ki koma na gaba, ko da yana miki daɗi. Musamman ma in yana miki daɗi.

Kuma 20 a kan 18 ba wata rata ba ce. Maki ɗaya ya zame a fiziks, huɗu sun tafi, kin koma 16. Don haka na ce mata a cikin awa 30 da take da su, 15 ga waɗancan biyun, 12 ga lissafi a kan babi ɗaya da malam ya ce zai fito, ba littafin duka ba, sauran ukun ta waiwayi darussan da take da kyau a cikinsu. Duk wannan lissafin ya ɗauka cewa sauran makinki za su tsaya inda suke, kuma ba sa tsayawa in an yi watsi da su. Lissafi ma in ta sake shi gaba ɗaya ya sauka daga 7 zuwa 5, asarar 12 ce, ta cinye ribar fiziks kaf.

Wani abu kuma, ki tambayi abin da sekans na shida zai ƙunsa. In sabon babi ne, makinki na baya ba lallai ya faɗi gaskiya a kansa ba. In kuma kina son fannin da lissafi ne ginshiƙinsa a shekara mai zuwa, mai yiwuwa malamai su dubi makin lissafin shi kaɗai, ba mwayen kawai ba. A nan sai ki ƙara masa awanni ko da ribarsa a awa ta fi ƙanƙanta. Ba zan yanke miki wannan ba, ya danganta da inda kika nufa.

Ina da 16 a tarihi. In ƙara ƙoƙari in kai 18?

Nauyi 2, ƙarin 2, riba 4, kuma su ne mafi wuyar samu. Ka karanta abin da zai riƙe maka 16 ɗin, ka wuce. Na san can hankalinka ya fi kwanciya, amma ba can ake binka ba.

Malam, ni ina jami'a a Ngaundare. Haka abin yake a wurinmu?

Kusan haka, da bambanci ɗaya babba, ƙanena. A wurinku sau da yawa kowane kwas ana son ya tsaya da ƙafarsa, kuma makinsa kashi biyu ne, gwajin cikin zango da babbar jarrabawa. Rabon da aka fi gani 30 da 70 ne, amma ka duba na sashenku. In haka ne, mai 6 a gwaji yana riƙe da 1.8, saura 8.2 ya kai 10, a raba da 0.7, yana buƙatar kusan 11.7. Mai 14 yana riƙe da 4.2, kusan 8.3 ta ishe shi. Ka yi wannan ga kowane kwas, ka jera makin da kake buƙata kusa da wanda za ka iya ci yau. Kwas ɗin da ke gab da layi, maki ɗaya ko biyu a ƙasa, mai kiredi da yawa, wato mai nauyi, shi ne na farko. Ka kuma tambaya ko kwas mai kyau yana iya ɗaga maras kyau a tsarinku, da kuma ko akwai makin da in an faɗo ƙasa da shi ba a ɗagawa. Ka tambaya a ofis, ba a bakin abokan ɗaki ba.

Na yi lissafin, ya ce sai na ci 19 a sekans na shida. Shi ke nan na faɗi?

Sake lissafawa, da yawanku suna manta raba zango gida biyu. In har 19 ɗin ce ta sake fitowa, ba zan rufe ka ba, ba za ta samu ba. Amma majalisar malaman aji ce ke yanke hukunci a ƙarshen shekara, kuma mai 9.6 da ke hawa ba ɗaya yake da mai 8 da ya saki hannu ba. Ban yi maka alkawarin komai ba. Ka je wurin malamin ajinku wannan makon, da mahaifinka in zai yiwu, ka ci gaba da neman makin da ke samuwa.

Awa nawa zan sa a lissafin nawa? Ina iya yin takwas a rana.

Ba ka iyawa. Kana tashi makaranta da rana tsaka, ga zafin Garwa, ga aike, ga wutar da kan ɗauke da dare. Ka rubuta biyu, ranar da babu makaranta huɗu. In ka samu fiye da haka, ka ba darasi na gaba a jerinka.

In sake lissafin kullum?

Sau ɗaya yau, sau ɗaya bayan mako, bayan ka gwada tsohuwar jarrabawa da agogo a gabanka ka ga ko ƙiyasinka ya yi daidai. Minti 20 sun isa. Sauran lokacin na karatu ne.