Taken imel da maganar haruffa 78: abin da ƙa'ida ta ce da abin da ba ta ce ba

Akwai maganar da ke yawo tsakanin ma'aikata cewa taken imel in ya wuce haruffa 78, na'ura za ta ƙi aika shi ko ta jefa shi kwandon shara. Tsoron wannan ya sa wasu ke guntule take har ya koma "Neman izini" ko "Gaggawa", manaja ya gani bai san izinin me ba.

Lambar 78 ɗin gaskiya ce, fassarar ce ba daidai ba. Tana cikin RFC 5322, takardar da hukumar IETF mai tsara ƙa'idojin intanet ta fitar a 2008 don tsara siffar saƙon imel. Takardar ta ce kowane layi na saƙo dole ne kada ya wuce haruffa 998, kuma an fi so kada ya wuce 78. Na farko wajibi ne, na biyu shawara. Kuma da masu ƙera manhajar imel take magana, ba da mai rubutu ba. In takenka ya yi tsawo, manhajar ce ke naɗe shi gida biyu ko uku a ɓoye, ta mai karɓa ta sake miƙe shi. Babu tara, babu saƙon da ake mayarwa don ya kai harafi na 79.

Hukuncin da ke akwai na allo ne, kuma ya fi na takardar tsanani. Wayar hannu takan nuna haruffa 30 zuwa 40 na farko, gwargwadon girmanta, ta yanke sauran daga wutsiya. Manajan da ke duba saƙonni tsakanin taro da taro wannan guntun kaɗai yake gani, da shi zai yanke ko ya buɗe yanzu ko sai anjima. Anjimar kuwa ba ta cika zuwa ba.

A ɗauki ma'aikaciyar da ke son a sa hannu a takardar sayen kwamfuta shida kafin ƙarfe 12 na ranar Alhamis, lokacin da farashin da dillali ya bayar zai daina aiki. Ta rubuta: "Game da batun da muka tattauna a taron da ya gabata kan sayen kwamfutoci". Haruffa 72 ne, bai taɓa iyakar da ake tsoro ba. Amma abin da zai fito a waya shi ne "Game da batun da muka tattauna a ta…". Babu aikin da ake nema, babu rana, ko kayan ma ba su fito ba. Manaja zai ɗauka bayanin taro ne.

Gyaran shi ne a juya jerin, abin da ake so ya yi ya zo farko, wa'adi ya biyo, batun ya zo ƙarshe: "A sa hannu kafin Alhamis 12:00: sayen kwamfuta 6". Haruffa 48. Ko an yanke shi a 35, aikin da lokacin sun tsira. An ce "a sa" maimakon "sa" don kada ya zama umarni ga na gaba, gaisuwa da ban-girma kuma su shiga cikin saƙon inda akwai fili. A rubuta sunan rana, kada a ce "gobe", domin wanda ya buɗe washegari zai ɗauka yana da sauran kwana guda. In ba a neman komai, a fara da "Don sani", manaja ya san zai iya jinkirtawa. Mai yin haka, ranar da ya rubuta "A sa hannu" za a yarda da shi, ba kamar mai "Gaggawa" a kowane saƙo ba.

Wurin da ƙa'idar RFC 5322 ta taɓa mai rubutu shi ne "Re: ". Ta ce amsa na iya farawa da shi, sau ɗaya ya isa. Kuskuren da ya yi yawa shi ne a buɗe tsohon saƙo a danna amsa a cusa sabuwar buƙata. Gmail na haɗa saƙonni masu take ɗaya a zare guda, sai buƙatar ta nutse ƙarƙashin taken da manaja ya riga ya ɗauka an gama da shi. Sabuwar buƙata, sabon saƙo da nasa take. Sa "Re: " na ƙarya kuwa don a ga kamar ci gaban magana ne, a Amurka dokar CAN-SPAM ta 2003 ta haramta take mai yaudara a saƙon talla. Ba ta shafi wasiƙar ofis ba, amma manajan da ya gano dabarar sau ɗaya zai riƙa kallon sunanka da ita.

A ganina takardar RFC 5322 ta yi adalci da ta bar tsawon take a hannun mai rubutu. Allon waya ne bai yi ba, tunda yana hukunta mai dogon ladabi. Kafin ka aika muhimmin saƙo, tura wa kanka, ka duba a waya inda ya yanke.