Zubar jinin gado ba na maza kaɗai ba ne

An daɗe ana cewa ciwon rashin daskarewar jini na gado maza kaɗai yake kamawa, to himofiliya ce ta fi kama maza, amma akwai ciwon von Willebrand wanda ya ma fi ta yawa, kuma mace da namiji duk suna gadonsa daga uwa ko uba don shi ba a kan kuromosom X yake ba, wato kuromosom ɗin jinsi da himofiliya ke bi. A ciwon von Willebrand, furotin ɗin da ke manna ƙwayoyin filatilet, wato ƙananan ƙwayoyin jini masu toshe rauni, a bangon jijiyar da ta ji rauni shi ne ya yi ƙaranci ko ba ya aiki daidai, shi ke riƙe fakta 8 kuma, wani furotin da ke taimaka wa jini daskarewa. Wallahi abin na damuna, yarinya tana haɓo, al'adarta na wuce kwana 7, sai a ce haka matan gidansu suke, alhali gwajin jini take buƙata.