Ma'anar gwajin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi: abin da likita yake nema idan ya ce a ɗaga gira ko ya bugi gwiwa

Gwajin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi jerin dube-dube ne da likita yake yi wa majiyyaci da hannunsa da idonsa, tare da ƴan kayan aiki marasa yawa: tocila, da ƙaramar guduma mai bakin roba, da auduga, da wani ƙarfe mai rassa biyu da yake rawa idan an buga shi. Tambaya ɗaya ce take gaban kowace a wannan gwaji, wato a ina matsalar take. Tana iya kasancewa a cikin ƙwaƙwalwa, ko a lakar da ta bi ta cikin ƙashin baya, ko a jijiyoyin da suke kai saƙo zuwa gaɓoɓi, ko kuma a tsokar kanta. Sai an san wurin sannan ake maganar musabbabi, kuma shi ya sa likitoci a asibitoci irin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato suke fara yin wannan gwaji kafin su tura mutum ɗaukar hoto, domin gwajin ne yake nuna ko kai za a ɗauka, ko wuya, ko ƙugu.

Mu ɗauki misalin wani dattijo mai shekara 58, mai fama da hawan jini, wanda ɗansa ya kawo shi asibiti kwana 4 bayan ya wayi gari bakinsa ya karkace, hannunsa na dama kuma ya yi nauyi. Gwajin yana farawa tun daga gaisuwa. Idan likita ya ce, "Baba, ina kwana, yaya jikin? Wace rana ce yau, kuma ina muke?", yana auna ko hankalin majiyyacin yana tare da shi, yana kuma sauraron yadda maganar take fita. Akwai bambanci tsakanin wanda kalmominsa daidai suke amma harshensa ya yi nauyi, da wanda aka nuna masa agogo ya san amfaninsa sarai amma sunan ya ƙi zuwa bakinsa. Na biyun yana nuni ga ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa, domin a nan ne cibiyar magana take ga mafi yawan mutane. Dattijon namu ya kasa faɗin sunan agogo, saboda haka likita ya riga ya sami alama ta farko.

Daga nan sai jijiyoyin kai. Su 12 ne a kowane ɓari, kusan dukkansu suna fitowa kai tsaye daga ƙwaƙwalwa da gindinta ba tare da sun bi ta laka ba, kuma ana kiransu da lamba. Ta 1 ta jin ƙamshi ce, ba a cika gwada ta ba sai da dalili. Ta 2 ta gani ce: ana rufe ido ɗaya, likita ya motsa yatsa daga gefe ya tambayi lokacin da aka hango shi, sannan ya haska tocila ya ga ko baƙin tsakiyar ido ya tsuke, a idon da aka haska da ɗayan ma. Ta 3 da ta 4 da ta 6 su ne suke juya ƙwayar ido, shi ya sa ake cewa mutum ya bi yatsa da ido ba tare da ya juya kai ba, a tambaye shi ko yana ganin abu biyu. Ta 5 tana ɗauke da jin taɓi a fuska da ƙarfin tauna. Ta 8 ta ji ce da daidaituwar jiki. Ta 9 da ta 10 suna kula da haɗiya da murya, kuma a nan ne ake cewa a buɗe baki a ce "aaa" domin a ga ko rufin baki na can ciki ya ɗaga daidai ta ɓangarorin biyu. Wanda wanzami ya cire masa beli tun yana jariri ma ana iya gwada shi, tunda ɗagawar rufin bakin ake kallo. Ta 11 tana ɗaga kafaɗa, ta 12 kuma tana motsa harshe.

Jijiya ta 7, wadda take motsa fuska, ita ce ta cancanci a tsaya a kanta, domin a ganina babu wani mataki a gwajin nan da ya fi ta amfani ga mutanenmu, ganin yadda karkacewar baki take tayar da hankalin iyali. Likita zai ce, "Baba, ɗaga girarka sama. To, runtse ido da ƙarfi. Yanzu nuna mini haƙoranka." Dalilin wannan jeri shi ne, tsokar goshi tana samun umarni daga ɓangarorin ƙwaƙwalwa biyu, amma tsokar da ke kewaye da baki daga ɓangare ɗaya kawai take samu, wato na ɗaya gefen. Idan cutar a cikin ƙwaƙwalwa take, kamar a shanyewar ɓarin jiki, baki zai karkace amma goshi zai tattare daidai, ido kuma zai rufu. Idan kuwa jijiyar ce da kanta ta kumbura a hanyarta ta bayan kunne, to rabin fuskar ne gaba ɗaya zai saki: girar ba za ta ɗagu ba, idon ba zai rufu sosai ba, hawaye ya riƙa zuba. Wannan na biyun, duk da ya fi muni a ido, yawanci shi ne mai sauƙi, kuma mafi yawan masu shi suna warkewa cikin makonni ko ƴan watanni, musamman idan an fara magani a cikin kwana 3 na farko kuma an kare idon daga bushewa, abin da yake da muhimmanci a lokacin hunturu da ƙurar Sakkwato. Dattijonmu ya ɗaga gira biyu daidai, amma gefen bakinsa na dama bai motsa ba. Wannan alama ta biyu ita ma ƙwaƙwalwa take nunawa.

Mataki na gaba shi ne ƙarfin gaɓoɓi. Ana fara cewa majiyyaci ya miƙa hannu biyu gaba, tafi yana kallon sama, ya rufe ido na ɗan lokaci. Hannun da yake da rauni zai fara juyawa yana sauka ba tare da mai shi ya sani ba. Sannan likita ya lanƙwasa gaɓoɓin da kansa domin ya ji ko sun sake ko sun yi tauri, kafin ya auna ƙarfi da ma'auni daga 0 zuwa 5. Sifili yana nufin babu motsi ko kaɗan, 3 yana nufin mutum zai iya ɗaga gaɓar sama amma da an ɗan danna ta sai ta faɗi, 5 kuma cikakken ƙarfi ne. A misalinmu hannun dama ya sami 2, wato yana iya jan sa a kan gado amma ba ya iya ɗaga shi, ƙafar dama ta sami 4, ɓarin hagu kuma lafiya lau.

Gudumar roba aikinta gwada zaburar da gaɓa take yi ba tare da niyyar mai ita ba. Idan aka bugi igiyar tsokar da ke ƙasan ƙoƙon gwiwa, tsokar cinya tana ɗan miƙewa, saƙo ya tafi laka a daidai ƙugu, ya dawo nan take ya sa ƙafar ta harba. Saƙon ba ya jiran ƙwaƙwalwa, aikin ƙwaƙwalwa a nan shi ne ta riƙa rage masa ƙarfi. Saboda haka idan zaburar ta ɓace, ana zargin jijiyar ko tushenta a laka, kamar yadda ake gani a idon sawun wanda ciwon suga ya daɗe a jikinsa. Idan kuwa zaburar ta yi yawa, to abin da yake danne ta daga sama ne ya lalace, wato ƙwaƙwalwa ko lakar da ke sama da wurin. Ana yin haka a gwiwar hannu da gwiwa da bayan idon sawu, kuma abin da ake kallo shi ne bambanci tsakanin dama da hagu, domin akwai masu lafiya da zaburarsu take da ƙarfi ko rauni a ɓangarorin biyu. Bayan haka ana jan wani abu marar kaifi a gefen tafin ƙafa daga diddige zuwa yatsu. A babban mutum mai lafiya yatsun suna lanƙwashewa ƙasa. Idan babban yatsa ya ɗaga sama, wannan ita ce alamar Babinski, sunan likitan Faransa da ya bayyana ta a 1896. Ga jariri ɗagawar yatsan ba cuta ba ce, amma ga babba tana nuna lalacewar hanyar da ta sauko daga ƙwaƙwalwa. Gwiwar dattijon ta dama ta harba fiye da ta hagu, babban yatsansa na dama kuma ya ɗaga.

Saura jin taɓi da daidaituwa, waɗanda ake bi da sauri idan babu ƙorafi a kansu. Ana taɓa fata da auduga da abu mai ɗan tsini ido a rufe, a ɗora ƙarfen nan mai rawa a kan ƙashin babban yatsa, a sa mutum ya taɓa hancinsa sannan ya taɓa yatsan likita, abin da yake gwada ƙaramar ƙwaƙwalwar da ke ƙeya, sannan a kalli tafiyarsa idan zai iya tashi. Ga mai zazzaɓi da ciwon kai, musamman a watannin zafi da sanƙarau yake yaɗuwa a wannan yanki, ana ƙara lanƙwasa wuya a ji ko ya sandare.

Idan aka haɗa alamomin, wato maganar da ta ƙi fita, da ƙasan fuska na dama, da hannun da ya fi ƙafa rauni, da zaburar da ta yi yawa, duk wuri ɗaya suke nunawa: gefen hagu na ƙwaƙwalwa, inda cibiyoyin magana da fuska da hannu suke maƙwabtaka kuma jijiyar jini ɗaya take shayar da su. Zuwan abin farat ɗaya ga mai hawan jini yana nuna shanyewar ɓarin jiki.

Iyakar gwajin kuwa dole a san ta. Ba ya iya rarrabewa da tabbaci tsakanin jijiyar jini da ta toshe da wadda ta fashe, sai hoton ƙwaƙwalwa, kuma wannan bambanci babba ne, domin asfirin da yake taimakon mai toshewa yana iya cutar da mai zubar jini, don haka kuskure ne a ba majiyyaci shi a gida kafin hoto. Faɗuwar suga a jini ma tana iya kawo irin waɗannan alamomi sak, shi ya sa ake auna suga tun da farko. A sa'o'in farko kuma zaburar gaɓa tana iya yin rauni maimakon ƙarfi, sai bayan kwanaki ta ƙaru, saboda haka ana maimaita gwajin, kuma iyali kada su ɗauka likitan da ya sake buga gwiwa gobe bai yarda da aikin na jiya ba ne. Dattijon misalinmu ya zo a kwana na 4, alhali maganin narkar da gudan jini, a inda ake da shi, ana bayar da shi ne a cikin awa 4 da rabi na farko. Abin da ɗansa zai fi taimakawa da shi shi ne ya faɗi lokacin ƙarshe da aka ga mahaifinsa lafiya, da magungunan da yake sha, sannan kada a ba shi ruwa ko kunu har sai ma'aikatan jinya sun gwada haɗiyarsa, domin abin da ya sarƙe ya shiga huhu yana jawo ciwon huhu, wanda yake cikin manyan abubuwan da ke kashe masu wannan lalura a makonnin farko.