Ɓoyayyun sharuɗɗan bonas ɗin maraba a shafukan caca

Bonas ɗin maraba shi ne garaɓasar da kamfanonin cacar intanet ke ba sabon kwastoma ranar da ya fara zuba kuɗi, galibi su ninka masa abin da ya saka. A talla za ka ga 100% da manyan lambobi, amma kuɗin nan ba naka ba ne tukuna, a kulle yake har sai ka cika sharuɗɗan da aka tura can ƙasan shafi ƙarƙashin Terms and Conditions, da rubutu ƙanana wanda a waya sai ka matse ido kafin ka karanta.

Uwar sharuɗɗan ita ce ta juya kuɗi. A ce mutum ya zuba naira 20,000 aka ƙara masa 20,000, sharaɗin ya ce 35x, to sai jimillar abin da ya buga ta kai 700,000 kafin a buɗe masa cirewa. Wasu ma kuɗinka da bonas ɗin suke haɗawa su ninka, wato 40,000 sau 35, miliyan ɗaya da dubu ɗari huɗu ke nan, kuma kalma biyu ko uku ce kawai ta bambanta wannan da wancan.

Inda aka fi cutar mutane shi ne nauyin wasa, wanda a shafin za ka gan shi da sunan Game weighting ko Game contribution. Ba kowane wasa ake ƙirga shi cif ba. Wasannin injin juyi da ake kira silot yawanci naira 100 ɗinka ana lissafa ta 100, amma rulet, wato wasan da ake jefa ƙwallo a faifai mai juyawa, da wasannin kati sau da yawa kashi 10 ko ƙasa da haka ake ɗauka, wani lokacin ma sifili. Dalili kuwa a fili yake, a wasannin tebur ribar gidan caca ba ta da yawa, to suna so su kora ka inda suka fi ci. Mutuminmu na ɗazu idan ya zauna a rulet mai kashi 10, 700,000 ɗinsa ta koma miliyan 7, kuma a rulet mai lambar sifili ɗaya a faifansa gidan na cin kashi 2.7 na duk abin da aka buga, a lissafi asararsa za ta kai wajen 189,000 duk don neman 20,000. Ko a silot ɗin da ke mayar da kashi 96, kashi 4 na 700,000 naira 28,000 ne, ya riga ya wuce bonas ɗin. Alamar da mutum zai gane ya faɗa wannan ramin ita ce ya yi ta bugawa awa da awa amma layin nan mai nuna saura nawa ya rage da ƙyar yake motsi.

Sai wa'adi. Wani kwana 30 ne, wani 7, juyin kyauta kuma, wato juyin silot da ake ba ka ba tare da ka biya ba, akan ba shi awa 24 kacal, kuma sau da yawa agogon na fara tafiya tun lokacin da aka saka bonas ɗin a asusu, ko ka buga ko ba ka buga ba. Haɗa shi da sharaɗin da ke kayyade mafi girman abin da za ka saka a bugu ɗaya, a ce 500: kafin ka kai 700,000 juyi 1,400 ke nan, 200 kullum har sati guda. Wa'adin na cika bonas ya tafi da duk abin da aka ci da shi, shi ya sa za ka ga mutum a daren ƙarshe yana ƙara zuba kuɗinsa cikin gaggawa don kar wahalarsa ta tashi a banza, kuma a nan asarar gaske take.

Wanda ya tsallake duk wannan, Max cashout na jiransa, wato iyakar abin da za a bari ya cira. Idan an ce sau 5 na bonas, 100,000 ne rufin, ko da asusun na nuna 350,000 sauran 250,000 gogewa za a yi lokacin cirewa. Gaskiya wannan ya fi ci min rai, asararka ba a yi mata iyaka ba amma cinka an yi masa.

A Birtaniya abin ya kai ga hukuma. Hukumar kula da gasar kasuwanci ta ƙasar, CMA, ta fara bincike a 2016, a 2018 kuma Ladbrokes da William Hill na cikin kamfanonin da suka ɗauki alkawarin daina hana mutum cire kuɗin da ya zuba da kansa saboda bonas. A 2025 hukumar caca ta ƙasar ta sanar da cewa sharaɗin juya kuɗi ba zai wuce sau 10 ba, amma dokar kan masu lasisin Birtaniya kaɗai take aiki, shafin da ke da lasisin wata ƙasa bai shiga ciki ba.