Bashin da ya kwana shekara bakwai: kotu za ta saurare shi?

Na ba wani ɗan kasuwa a kasuwar Kejetiya ta Kumasi atamfa bashi, ta sidi 80,000, a watan Maris 2018. Mun yi zai biya ƙarshen Yuni na shekarar. An ce mini wai lokaci ya wuce, ko da ina da rasit. Haka ne?

Hajiya, rasit yana nuna akwai bashi, amma kafin alƙali ya duba shi, lauyan wanda ake ƙara zai fara ƙirga shekaru. Dokar wa'adin shigar da ƙara ta Ghana, ta 1972, wadda lauyoyi ke kira NRCD 54, ta ba da shekara 6 ga bashin ciniki irin wannan. Ƙirgen yana farawa daga ranar da ya kamata a biya aka ƙi, ba daga ranar da kaya suka bar shago ba. A naki lissafin ke nan daga ƙarshen Yuni 2018, wa'adin ya cika ƙarshen Yuni 2024. Bashin yana nan a wuyansa tsakaninsa da Allah, amma kotu ba za ta tilasta masa ba idan ya kafa wannan hujja.

Kowace irin ƙara da nata wa'adin. Diyyar rauni, kamar na hatsarin mota, shekara 3 ce kawai. Neman a mayar da fili shekara 12.

To, ya taɓa turo mini sidi 10,000 ta momo, wato asusun kuɗi na wayar hannu, a Agusta 2021. Kuma mun zauna gaban liman a Aboabo, ya amsa da bakinsa.

Kuɗin nan na momo shi ne ya ceci ƙararki. Idan wanda ake bi ya biya wani ɓangare na bashin, ƙirge yana komawa farko daga ranar biyan. Sabon wa'adinki ya kai Agusta 2027, a kan ragowar sidi 70,000. Ki nemi takardar bayanan asusun momo ɗin daga kamfanin layinki, wadda ke nuna rana da lamba da sunan mai turowa, don saƙon waya yana gogewa. Ki kuma shirya nuna cewa kuɗin na wannan bashin ne, domin yana iya cewa na wani cinikin ne dabam.

Zaman gaban liman kuwa, duk da darajarsa, bai tsayar da ƙirge ba. Amsa bashi da ke sabunta wa'adi dole ya kasance a rubuce, da sa hannun mai amsawar ko wakilinsa. A nan ne mutanenmu na zango suka fi yin asara, abin da ban takaici: ana bin sulhu, yau gidan sarki, gobe wajen dattawa, ana jin kunyar kai ɗan'uwa kotu, shekaru kuwa suna tafiya. A yi sulhun, amma duk zaman da aka yi a tashi da takarda: na amsa ana bina kaza, ga kwanan wata, ga sa hannu.

Wace kotu zan je?

Wannan shi ne batun hurumi, wato ikon da doka ta ba kotu a kan irin maganar. Kotun gunduma, inda majistare ke zama, tana jin ƙarar kuɗi har sidi 500,000, kotun sakit har sidi miliyan 2, abin da ya haura sai Babbar Kotu. Taki ta kotun gunduma ce, kuma a Kumasi, inda aka yi cinikin kuma yake kasuwancinsa.

Idan an kuskure kotu, ba sai a gyara ba?

Kuskuren wuri, kamar a shigar a Accra maimakon Kumasi, yawanci ana gyara shi da mayar da shari'ar inda ta dace. Rashin hurumi ya fi haka nauyi. Ko ɓangarorin biyu sun yarda, yardarsu ba ta ba kotu ikon da doka ba ta ba ta ba. Alƙali yana iya tayar da maganar da kansa, ana iya tayar da ita ko a ɗaukaka ƙara, kuma hukuncin da aka yanke ba hurumi banza ne. Wa'adi kuwa sai wanda ake ƙara ya rubuta shi a takardar kare kansa. Idan bai rubuta ba, yawanci shari'a tana ci gaba.

Haɗarin yana inda biyun suka haɗu. A ce bashin sidi 700,000 ne, aka kai kotun gunduma saura wata huɗu wa'adi ya cika. Bayan shekara guda aka kori ƙarar don rashin hurumi. Sammacin da za a ɗauko a kotun sakit sabuwar ƙara ce, ranar shigar da ita ake dubawa, wa'adi kuwa ya shige da wata takwas, ba a ko buɗe rasit ɗin ba.