Karya kwangila ba ta wajabta wa kotu tilasta cika ta

Mutane da dama sun daɗe suna ɗauka cewa duk wanda aka karya masa kwangila yana da haƙƙin kotu ta tilasta wa ɗaya ɓangaren cika alkawari. A dokar da Najeriya ta gada daga Ingila, diyyar kuɗi ce asali, kuma kotu ba ta ba da umarnin tilastawa sai ta gamsu cewa kuɗi ba zai rama asarar ba.

Idan ɗan kasuwa ya yi alkawarin sayar da buhun masara 100 a kan naira 50,000 kowanne, sannan ya fasa bayan farashi ya kai 60,000, mai saye zai samu masarar a wurin wani, saboda haka diyyar naira miliyan ɗaya ta wadatar. Fili kuwa daban ne, domin doka tana ɗaukar kowane fili a matsayin wanda ba shi da madadi, shi ya sa kotu kan umarci mai sayarwa ya kammala cinikin.

Umarnin hani, wanda ake yawan rikita shi da na tilastawa, galibi dakatar da mutum yake yi, misali a hana shi sayar wa wani filin kafin a yanke hukunci. Duka biyun suna bisa ganin damar alƙali, kuma wanda ya yi jinkiri mai tsawo ko ya yi ha'inci a cinikin yana iya rasa su.